Injin $1,850 ne, amma naira za a biya: ku duba min saƙon nan kafin in tura

Auwalu Dakata: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Akwai wani Alhaji a Gumel da yake son in kawo masa injin ɗura ruwan leda daga Guangzhou ta ƙasar China. Mun yi magana ta waya, ya ce in rubuto masa komai a saƙo don ya nuna wa ɗansa da ke riƙe masa lissafi. Ga abin da na rubuta, ban tura ba tukuna:

"Salam Alhaji. Injin $1,850 ne har Kano. Za a ba da kashi 70 yanzu, saura idan kaya sun iso. Da naira ake biya a kan 1,520. Canji yana iya canzawa."

Ni dai a idona ya yi, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Don Allah a duba min.

Hajiya Binta Kwari: Wa alaikumus salam. Auwalu, kar ka tura. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce za ta kai ka gaban mai unguwa.

Auwalu Dakata: Hajiya ai don in kare kaina na sa ta.

Hajiya Binta Kwari: Ba ta kare ka da komai ba, ɗana. Yana iya canzawa yaushe? Kafin ya biya, ko bayan ya biya? A kan duka kuɗin ko a kan ciko kawai? Kuma idan ƙasa ya yi fa? Kai kana nufin idan dala ta hau zai ƙaro maka. Shi kuma abin da zai karanta shi ne idan ta sauka za ka rago masa. Kowa ya ga abin da yake so a ciki, sai ranar da kaya suka iso a gane ba magana ɗaya kuka yi ba.

Sadiku Mai Waya: Jama'a nawa dala yau? Na ga an rubuta 1,520, ni jiya an ce min 1,505.

Alhaji Sani Wapa: Sadiku ba tambayar da ake yi ba ke nan, amma ka taimaka ba ka sani ba. Duka biyun gaskiya ne. 1,505 shi ne abin da zan ba ka idan ka kawo min dala. 1,520 shi ne abin da za ka ba ni idan kai ne mai nema. Auwalu nema zai yi, don haka na sayarwa ne ya shafe shi.

Auwalu, ka lura da abin da ya faru yanzun nan a gabanka. Haka ɗan Alhajin Gumel zai yi. Zai kira wani abokinsa ɗan canji ya ce nawa dala, a ce masa 1,505, ko ya duba shafin Babban Banki ya ga wata lamba daban. Sai ya ɗauki naira 15 ya ninka sau 1,850, ya samu ₦27,750, ya je ya ce wa mahaifinsa yaron nan ya ɗora mana dubu ashirin da bakwai a ɓoye. Alhali ko sisi ba ka ci ba. Rubuta lambar kawai bai isa ba, sai ka faɗi ta wace ce.

Amma kafin mu zo nan, ga tambayata, kuma ita ce uwar sauran. Bayan Alhaji ya ba ka kashi 70, me kake bin sa? Dala 555 ko naira 843,600?

Auwalu Dakata: Ranka ya daɗe ai duk ɗaya ne. 555 sau 1,520 shi ne 843,600.

Alhaji Sani Wapa: Yau ɗaya ne. Kwana nawa kayanka suke yi kafin su iso?

Auwalu Dakata: Ta ruwa ne, wata biyu, wani lokaci ya ɗan haura kafin a fito da su daga Legas.

Alhaji Sani Wapa: To nan da wata biyu ba ɗaya ba ne. A ce ranar da injin ya sauka a Kano dala ta kai 1,600. Idan dala kake bi, zai ba ka 555 sau 1,600, wato ₦888,000. Idan naira kake bi, ₦843,600 ne ko sama za ta faɗo. Tsakaninsu ₦44,400. A ce kuma saukowa ta yi zuwa 1,450. Mai bin dala zai karɓi ₦804,750, mai bin naira yana nan a kan 843,600 ɗinsa. Saƙonka bai zaɓi ko ɗaya ba. Jimla ta uku ta ce naira a kan 1,520, kamar an ɗaure. Ta huɗu ta zo ta kwance.

Akwai ma karatu na uku da ya fi waɗannan muni, kuma na ga an yi wa mutane shi a kasuwar nan. Mai kaya ya ce tunda canji ya koma 1,600, injin gaba ɗaya ya zama 1,850 sau 1,600, wato ₦2,960,000. A cire ₦1,968,400 da aka bayar tun farko, saura ₦991,600. Ka ga ya sake yi wa kuɗin da aka riga aka biya sabon farashi, ya ci ₦103,600 a banza, alhali tun ranar da aka ba shi ya canza su ya tura. Na san kai ba haka kake nufi ba, amma ɗan Alhaji bai san ka ba, kuma saƙonka bai hana a yi hakan ba.

Hajiya Binta Kwari: Ni ta ɗaya ɓangaren abin ya same ni. A Fabrairun 2024, lokacin da dala ta haura 1,800 a kasuwar bayan fage, na karɓi kuɗin mata goma sha ɗaya na leshi da jakunkuna. A ranar na canza na tura, don kowa a lokacin tsoro yake kar ta kai dubu biyu. Kaya ba su iso ba sai tsakiyar Afrilu, dala ta sauko ƙasa da 1,200. Wallahi har gida suka zo min. Wata ta ce Hajiya ke da bakinki kika ce farashi yana bin dala, to ga dala ta sauka, ina canjinmu? Kuma da gaske na faɗa. Ban taɓa rubuta cewa abin da aka biya ya rufu a kan canjin ranar da aka biya ba. Biyu daga ciki sai da na ba su wani abu daga aljihuna don zumunci, ɗaya har yau ko a biki muka haɗu sama-sama muke gaisawa.

Tun daga nan duk wadda ta turo min kuɗi, a ranar nake mayar mata da saƙo: na karɓi naira kaza, a kan canji kaza, ya zama dala kaza, saura dala kaza. Layi ɗaya ne, amma shi ne barcina.

Kabiru Guangzhou: Ni ban ga dalilin wahalar nan ba. Auwalu, masu injin da me kake biyansu? Na san yuwan ne. To me ya kawo dala cikin maganar? Ka yi lissafinka, ka ɗora kashi biyar ko goma saboda hawa da sauka, ka ce wa Alhaji injin miliyan uku ne, shi ke nan. Mutumin Gumel naira ya sani. Duk lokacin da ka sa $ a saƙo ka gayyato gardama.

Auwalu Dakata: Yaya Kabiru, injin kansa da yuwan nake biya, gaskiya ne. Amma masu kawo kaya da dala suke yi min lissafin jigila, kuma sai kaya sun iso nake biyansu. Kusan wannan kashi 30 ɗin can yake tafiya, sai ɗan abin da ya rage min. Kuma Alhajin ya riga ya tambayi wasu mutum biyu, duk da dala suka ba shi farashi. Idan na ce miliyan uku zai raba da canjin yau ya ga na fi su tsada.

Alhaji Sani Wapa: Kabiru yana da gaskiya rabi. Idan za a biya duka yau, ko kayan suna shagonka a ajiye, naira zalla ta fi, babu ruwan kowa da dala. Amma a cinikin da ciko zai kwana wata biyu, kuma cikon kuɗin dala za a biya da shi, wannan kashi goman da ka ce a ɗora caca ce da sunan kariya. Idan canji bai motsa ba, an cuci Alhaji. Idan ya yi irin tsallen da ya yi a Yunin 2023, da aka saki naira farashin hukuma ya tashi daga ɗari huɗu da wani abu ya haura ɗari bakwai cikin 'yan kwanaki, ko irin na farkon 2024, kashi goma ba ta rufe komai.

Kabiru Guangzhou: Alhaji na ji, amma ni shekara shida ina yi da naira kuma ban mutu ba.

Hajiya Binta Kwari: Kai duka kake karɓa kafin ka saya, Kabiru. Ka taɓa ba ni kaya a kan rabin kuɗi?

Kabiru Guangzhou: Hajiya a bar tone-tone.

Iliya Maraɗi: Salamu alaikum. Ban san kan injin ba, amma ina da gyara ɗaya ga masu tura irin wannan saƙo zuwa wajenmu. Idan kuka rubuta kalmar dala da baƙaƙe, ku yi hattara. Mu nan dala tamma biyar ce ta sefa. Dala ɗari biyu jikka guda ke nan. Wani ɗan'uwana ya taɓa samun saƙo daga Kano an ce masa kuɗin mota dala ɗari, ya yi murna yana cewa 'yan Najeriya akwai sauƙi, ashe ta Amurka ake nufi. Ku sa alamar $ ko ku ce dalar Amurka.

Na biyu, mu da muka yi boko da Faransanci, waƙafi a cikin lamba ba dubu yake nufi ba. Wanda ya saba da haka idan ya ga 1,520 yana iya karanta shi ɗaya da ɗigo biyar biyu. Kuma canjin sefa da naira a bakin iyaka a kan jikka ake faɗinsa, ba a kan tamma ɗaya ba. To a rubuta a fili: jikka ɗaya naira kaza.

Auwalu Dakata: Na gode Malam Iliya. Wannan na Gumel ne, amma Maigatari ba nisa, wa ya sani ko ya nuna wa wani.

Alhaji Sani Wapa: Maganar Iliya ta shafi naka ma. "A kan 1,520" ba jimla ba ce. Rubuta $1 = ₦1,520. Sannan kar ka bar masa ninkawa. Kai za ka ninka, ka rubuta jimillar naira, ka rubuta ta kashi 70 ɗin. Mutum idan ya zo biya ba canji yake turawa ba, adadi yake turawa, to ka ba shi adadin.

Sai wa'adi. Ni da nake zaune a Wapa, farashin da na ba ka da safe ba lallai in ba ka shi bayan la'asar ba. Kai kuma kana so ka ba mutum farashi babu ranar ƙarewa. Idan ya ajiye saƙon ya turo kuɗi bayan sati biyu fa? A rubuce ya fi ka gaskiya. Sa rana, sa awa. Kuma ka faɗi abin da ake nufi da an biya: kuɗi sun shiga asusunka. Ba hoton rasit ba. Sau nawa ake turo rasit ƙarfe uku, kuɗi su maƙale sai washegari, ko su koma wa mai su?

Auwalu Dakata: To ga gyara na farko:

"Salam Alhaji. Injin $1,850 ne har Kano. Canjin yau $1 = ₦1,520, jimilla ₦2,812,000. Kafin alƙalami kashi 70, $1,295, wato ₦1,968,400. Wannan canjin yana nan har ƙarfe 4 na yammacin gobe Laraba. Ciko $555, za a biya idan kaya sun iso a kan farashin kasuwa na ranar."

Hajiya Binta Kwari: Ya fara kama hanya. Amma "farashin kasuwa" wace kasuwa? Ta Wapa, ta Abuja, ta banki, ko ta cikin wayar ɗansa?

Barista Hauwa: Assalamu alaikum, yanzu na shigo na karanta daga sama. Kafin ku gama goge jimlolin, bari in sa muku wani abu a gaba. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, sashe na 20, ta ce naira ce kuɗin biya a ƙasar nan, kuma wanda ya ƙi karɓarta ya yi laifi, tarar ₦50,000 ko ɗaurin wata shida. A 2015 Babban Bankin ya fitar da sanarwa yana hana sanya farashin kaya ko na aiki da kuɗin waje a cinikin cikin gida, in ban da wasu ɓangarori da ya keɓe. A farkon 2024 kuma EFCC ta tashi tsaye a kan masu neman a biya su da dala, har makarantu ta gayyata.

Auwalu ba dala yake nema a ba shi ba, wannan ya rage masa nauyi sosai. Amma layin farko na saƙonsa cewa yake "injin $1,850 ne", tsakanin ɗan Kano da ɗan Gumel. Ni da zan ba shi shawara, ya juya ginin. Ya nuna cewa dalar kuɗin da ake kashewa a waje ce, ita ce ma'aunin lissafi, abin da yake nema a hannun Alhaji kuma naira ne. Ya ma rubuta a fili cewa naira kawai yake karɓa.

Alhaji Sani Wapa: Barista, idan ya ce farashin naira ne, ba mun koma gidan jiya ba? Cikon ya zama 843,600 a ɗaure.

Barista Hauwa: A'a Alhaji, ban ce ya ɗaure ba. Yana iya cewa ciko naira ne da za a lissafa ta wannan hanya, ya faɗi hanyar. Ban kuma ce wannan ya wanke shi tas a gaban kowace hukuma ba, don har yanzu dala tana cikin lissafin. Na dai ce ya fi "kuɗina dala ne" nesa ba kusa ba, kuma shi ne gaskiyar abin da yake faruwa: shi mai shigo da kaya ne, kuɗin waje yake biya.

Malam Nura: Allah ya saka wa Barista. Ta fuskar shari'a ma akwai abin lura. Ya zo daga Abdullahi ɗan Umar cewa yana sayar da raƙuma a Baƙi'a da dinari ya karɓi dirhami, ko da dirhami ya karɓi dinari. Da ya tambaya, aka ce masa babu laifi idan ya karɓa a kan farashin ranar, matuƙar ba su rabu da sauran wani abu a tsakaninsu ba. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma malamai da yawa sun yi aiki da ma'anarsa. To abin da Alhaji Sani yake faɗa, cewa kowane biya a yi shi da canjin ranarsa kuma ya rufu a nan take, ya dace da wannan. Abin da ba a so shi ne a rabu ba a san wane farashi aka tsaya a kai ba, kamar yadda saƙon farko yake.

Sai dai ina da tambaya ga Auwalu. Kai sayar masa da injin kake yi, ko aikenka ya yi ka sayo masa a ba ka lada? Don idan sayarwa ce ta abin da ba ya hannunka, da sifa kawai, malamanmu suna sharɗanta a ba da kuɗin duka a gaba, Malikiyya sun yi sassaucin kwana uku. Idan wakilci ne, ko ƙera masa za a yi, hukuncin daban.

Auwalu Dakata: Allah gafarta Malam, ban taɓa raba su a raina ba. Ni dai nakan faɗi farashi ɗaya, ribata tana ciki.

Malam Nura: To wannan zama ne na daban, ka same ni bayan isha'i wata rana. Kar in karkatar da zancen.

Kabiru Guangzhou: Kun ga abin da nake faɗa? Lauya ta shigo, malami ya shigo, duk saboda alamar $ ɗaya.

Alhaji Sani Wapa: Kabiru ka bari mu gama wa yaro. Auwalu, tambayar Hajiya ce ta rage: canjin ranar ciko, wa zai faɗe shi? Hanyoyin da na ga suna aiki biyu ne. Ko ku amince da ɗan canji ɗaya da sunansa, wanda Alhaji zai iya kira da kansa ya tambayi farashin sayarwa. Ko ka ce canjin da masu jigila suka yi maka lissafi da shi a ranar, kuma za ka tura masa takardarsu ya gani. Ta biyun ta fi gaskiya, don ita ce ainihin abin da zai fita daga aljihunka. Ta farkon ta fi kwantar wa mai saye da hankali, don ba daga hannunka lambar ta fito ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka ce farashin Babban Banki don ya yi kyau a ido, alhali ba a can kake samun dala ba. Yau tazarar kaɗan ce, to. A farkon 2023 hukuma tana ɗari huɗu da sittin, mu muna sayarwa sama da ɗari bakwai. Wanda ya ɗaure kansa da lambar da ba ya iya saye da ita, ranar da suka rabu shi zai cike.

Hajiya Binta Kwari: Ka kuma sa masa "ko ta hau ko ta sauka". Kalmomi shida ne, amma su ne suke nuna ba wayo kake shirya masa ba. Kuma idan ta sauka ɗin ka rage da gaske, tun kafin ya tambaya.

Barista Hauwa: Saura abu ɗaya da babu wanda ya taɓo. Idan injin bai zo ba fa? Ko ya zo a fashe, ko Alhaji ya fasa? Me za a mayar masa, ₦1,968,400 da ya bayar, ko abin da $1,295 ta zama a ranar mayarwa?

Hajiya Binta Kwari: Nairar da ya bayar mana. Ita ya ba ka.

Alhaji Sani Wapa: Hajiya, ba ke kika ce abin da aka biya ya zama dala a ranar ba? Ba za a ce dala ce lokacin da ya yi mana daɗi, naira ce lokacin mayarwa ba. Idan ta hau zuwa 1,600 kika mayar masa da 1,968,400, ba zai iya sayen injin da su a wurin wani ba.

Hajiya Binta Kwari: Idan kuma ta sauka zuwa 1,450, ka je ka gaya wa mutumin Gumel cewa ya ba ka miliyan ɗaya da dubu ɗari tara da sittin da takwas, za ka mayar masa da miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da saba'in da bakwai, kuma babu inji. Ka je, ina nan ina jiran labari.

Alhaji Sani Wapa: Wannan kam ba zan je ba.

Barista Hauwa: Shi ya sa na tambaya. Kowanne ana iya yi, muddin an rubuta tun yanzu. Ni nakan raba: idan daga wajen mai kaya matsalar ta zo, ya mayar da nairar da aka ba shi cif. Idan mai saye ne ya fasa bayan an tura kuɗi waje, ya karɓi abin da aka iya dawowa da shi a kan canjin ranar, bayan an cire abin da aka kashe.

Alhaji Sani Wapa: Rabin farko bai gamsar da ni ba, amma ba zan hana ba.

Auwalu Dakata: Zan ɗauki na Barista. Saƙon dai ya fara tsawo, ina tsoron kar Alhaji ya ga kamar takardar kotu na aiko masa. Ga shi:

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da yamma. Ga bayanin injin ɗura ruwan leda da muka yi magana.

Kuɗinsa daga Guangzhou har Kano, da jigila da kuɗin fito, ana lissafa shi a kan dalar Amurka 1,850. Ni naira kawai nake karɓa.

Canjin yau Talata, farashin sayarwa a Wapa: $1 = ₦1,520. A kan haka jimilla ₦2,812,000 ne.

Kafin alƙalami kashi 70: ₦1,968,400, daidai da $1,295. Wannan adadin yana nan idan kuɗin sun shiga asusuna kafin ƙarfe 4 na yammacin gobe Laraba. Bayan haka a kira ni kafin a tura, in ba da na ranar.

Abin da aka biya ya rufu a kan canjin ranar da aka biya, ba za a sake lissafa shi ba.

Ciko daidai da $555 ne. Za a biya shi da naira idan injin ya iso Kano, a kan canjin da masu jigila suka yi min lissafi da shi a ranar, ko ya hau ko ya sauka, kuma zan turo takardarsu. Misali, a kan 1,520 zai zama ₦843,600.

Idan injin bai samu ba daga wajena, zan mayar da nairar da aka ba ni cif. Idan Alhaji ne ya fasa bayan na tura kuɗi, za a mayar da abin da ya dawo bayan cire abin da aka kashe.

Kai shi Gumel da ɗaura shi ba sa cikin wannan kuɗin. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Hajiya Binta Kwari: Bai yi tsawo ba. Mutumin da zai fitar da kusan miliyan uku zai karanta layi goma. Ka dai sa kwanan wata kusa da Talata da Laraba, don saƙo yana kwana a waya, Larabar kuma kowane mako akwai ta.

Alhaji Sani Wapa: Ka cire jimillar ₦2,812,000 ko ka sa mata "idan an biya duka yau". In ba haka ba ita ɗansa zai rubuta a littafi, ranar ciko ya cire abin da aka bayar ya ce saura 843,600. Misalin ƙarshen ma ka ba da biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa: a kan 1,600 ₦888,000, a kan 1,450 ₦804,750. Idan ya ga lamba ɗaya tak, ita zai riƙe.

Kabiru Guangzhou: Kuɗin fito fa? Ka ce yana ciki. Idan kwastan suka ƙara?

Auwalu Dakata: Masu jigilar ne suke fitarwa, farashinsu har da shi, sun ba ni a rubuce.

Kabiru Guangzhou: To ka ajiye rubutun da kyau.

Auwalu Dakata: Na gyara na tura. Allah ya saka da alheri.

Auwalu Dakata: Salam, na dawo. Yau Laraba ƙarfe biyu da rabi kuɗi suka shigo, amma ba ₦1,968,400 ba, miliyan biyu cif ya turo. Ɗansa ya ce Alhaji ba ya son lamba mai wutsiya. In rubuta na karɓi kashi 70 da rarar ₦31,600 da za a cire ranar ciko?

Alhaji Sani Wapa: A'a. Kar ka bar naira tana yawo cikin lissafin har wata biyu. Raba miliyan biyun duka da 1,520, ya ba ka $1,315.79. Cire daga 1,850, ciko ya koma $534.21. Haka za ka rubuta masa yanzu, da kwanan watan yau. Kuma rarar ka canza ta yau ɗin tare da sauran, tunda ka rubuta ta a matsayin dala.

Hajiya Binta Kwari: Ka ce masa $534, ka yafe masa wutsiyar tunda ba ya son ta.

Sadiku Mai Waya: Alhaji Sani, to yau nawa take? Ina da $200 zan kawo.

Alhaji Sani Wapa: Kai 1,505 ne naka, Sadiku. Ka zo kafin la'asar.